Yadda Zaka Tabbatar Da Sunan Dabbar Da Ke Cikin Hoto Kafin Ka Tura Wa Wani

Hoto zai shigo guruf ɗin WhatsApp, wata ƙatuwar dabba mai ɗigo-ɗigo kwance a bakin ruwa, a ƙasa an rubuta "damisar da aka gani a dajin garinmu satin nan, jama'a a yi hattara", kafin la'asar ya zaga guruf goma, wasu sun hana yara zuwa itace, wasu har sun fara maganar a kira mafarauta. Toh tambayoyi biyu ne a nan kuma kowacce da kayan aikinta. Ta farko, hoton nan daga ina ya fito asali, wa ya ɗauka, yaushe? Wannan aikin binciken hoto da hoto ne, wato maimakon ka rubuta kalma sai ka ba injin bincike hoton kansa ya nemo maka inda ya taɓa bayyana. Ta biyu, dabbar da aka ambata haka kamanninta suke, kuma tana rayuwa a wurin da aka ce? Wannan kuma aikin bayanan da mutane masu sa kai suke tarawa ne a wurare irin iNaturalist da GBIF. Ɗaya ba ya wadatarwa ba tare da ɗayan ba, shi yasa zan bi da kai mataki-mataki da wannan hoton na damisa, daga baya mu koma kan maciji, don a can abin ya fi wuya.

Mataki na farko: ka gyara hoton, ka rubuta abin da aka ce

Kafin komai ka ajiye hoton a waya yadda yake, kar ka yi masa sikirinshot idan akwai hali, don sikirinshot yana rage masa kyau kuma yana haɗawa da rubuce-rubucen gefe. Idan dama sikirinshot aka turo maka, yanke shi, cire rubutun sama da ƙasa da tambarin da wani ya manna, ka bar hoton kaɗai. Sai ka yi kwafi biyu, ɗaya cikakke da ruwan da itatuwan da ke baya, ɗaya kuma dabbar zalla. Na farkon shi ke taimakawa wurin gano asalin hoto, na biyun wurin gano irin dabba.

Sannan ka rubuta abin da mai turowar ya yi iƙirari: suna, wuri, lokaci. Damisa, dajin garinmu, satin nan. Abu uku kenan, kuma kowanne zai iya zama gaskiya ko ƙarya shi kaɗai, yana yiwuwa damisa ce da gaske amma a Kenya aka ɗauka shekara biyar baya.

Kar ka ɓata lokaci neman ranar ɗauka a cikin bayanan fayil ɗin, WhatsApp yana goge su idan aka tura hoto ta hanyar da aka saba. Sai dai in kana da hanyar kaiwa ga wanda ya ce shi ya ɗauka, ka roƙe shi ya turo maka a matsayin Document, a nan rana da irin wayar sukan zo, wani lokaci har da wurin.

Mataki na biyu: nemo inda hoton ya fara bayyana

Buɗe manhajar Google, danna alamar kamara da ke gefen akwatin bincike, wannan shi ne Google Lens, sai ka zaɓi hoton daga wayarka. Zai kawo maka abubuwa da yawa kuma a nan mutane suke ruɗewa. Akwai Visual matches, waɗannan hotuna ne masu kama da naka kawai, wata dabba ce daban a wani wuri daban, kala da tsayuwa ne suka zo ɗaya. Akwai kuma Exact matches, su ne shafukan da suka ɗora ainihin wannan hoton. A wannan matakin Exact matches kake nema. Idan ka ga About this image ka danna shi, yakan nuna tun yaushe Google ya fara cin karo da hoton, in ya ce shekaru ne to maganar "satin nan" ta faɗi tun a nan.

Daga nan ka je tineye.com a burauza ka ɗora hoton dai. TinEye tun 2008 yake wannan aikin, kuma shi bai damu da wace dabba ce ba, kwafin hoton kawai yake nema ko da an yanke shi ko an canza masa kala. Abin da nake so da shi shi ne jera sakamako, ka zaɓi Oldest ya sa mafi tsufa a sama, ka zaɓi Biggest image ya sa mafi girma a sama. Mafi girman nan yana da amfani sosai, saboda hoto kullum raguwa yake idan yana yawo hannu zuwa hannu, wanda ya fi girma da haske yawanci shi ya fi kusa da mai kamarar, kuma sau da yawa a jikinsa zaka ga sunan mai ɗaukar a kusurwa wanda masu yaɗawa suka yanke. Ranar da TinEye ke nunawa ranar da shi ya tsinci hoton ce, ba ranar ɗauka ba, don haka abin da take gaya maka shi ne hoton ya kai aƙalla wannan shekarun. Idan duka biyun basu kawo komai ba gwada Bing ko Yandex, kowanne da rumbunsa, kuma gwada juya hoton hagu zuwa dama, masu satar hoto suna yawan yin haka.

Yanzu a ce bincike ya kawo shafi talatin, ashirin da biyar sun ce damisa, biyar sun ce wani abu. Dan Allah kar ka ƙirga. Ashirin da biyar ɗin nan mai yiwuwa daga mutum ɗaya suka kwafa, kamar labarin kasuwa ne, baki ɗari amma tushe guda. Ka nemi shafin da ya faɗi wanda ya ɗauka da wurin da shekarar, wato shafin mai ɗaukar hoton kansa, ko Wikimedia Commons, ko Flickr, ko kamfanin sayar da hotuna. A misalinmu a ce mafi girman kwafin ya kai ka shafin wani mai ɗaukar hoton namun daji, ƙarƙashinsa an rubuta Panthera onca, Pantanal, Brazil. Toh yanzu kana da suna na biyu da wuri na biyu. Wannan jaguwa ce, 'yar uwar damisa da ke nahiyar Amurka. Amma har yanzu magana ce ta wani, shafukan sayar da hoto ma suna kuskuren suna, musamman a macizai da tsuntsaye da ƙwari. Saura ka gwada ta.

Mataki na uku: gwada sunan da bayanan masu sa kai

iNaturalist wuri ne da kowa ke ɗora hoton halittar da ya gani da ranar da wurin, wasu kuma su zo su tantance sunan. Ya faro a 2008 a matsayin aikin ɗalibai a jami'ar Berkeley ta Amurka, yau akwai manoma da malaman makaranta da manyan masana duk a ciki. Ba sai ka yi rajista ba in dubawa kawai zaka yi. Shiga inaturalist.org, danna Explore, zaka ga akwati biyu, Species da Location.

Da sunan kimiyya ake aiki a nan, don sunan gida yakan rufe dabbobi da yawa, kuma sunan kimiyya ɗaya ne ko'ina. Damisa ita ce Panthera pardus. Rubuta Panthera onca tukuna ka kalli taswira. Ɗigon kusan duk suna tsakanin Meziko da arewacin Ajantina, da cunkoso a Brazil. Idan ka ga ɗigo ɗaya ya fito a Turai ko wani wuri ka buɗe shi, kusan kullum gidan zu ne kuma an yi masa alamar ba na daji ba ne. Sai ka rubuta Panthera pardus, zaka ga Afirka da Asiya.

Taswira ta gama nata, yanzu sai ido. Shiga Filters ka zaɓi Research Grade, ka buɗe hotuna kamar goma na kowacce, ba ɗaya ba, don dabba ɗaya ba ta wakiltar jinsi. Ka kalli gefen cikinta. Zanen jaguwa manyan zobba ne kuma a tsakiyar zoben akwai ƙananan baƙaƙen ɗigo, ɗaya ko biyu ko uku. Zobban damisa ƙanana ne, sun fi matsuwa, tsakiyarsu yawanci babu ɗigo. Jaguwa tana da ƙaton kai da faɗin ƙirji da gajerun ƙafa masu kauri, wutsiyarta gajera ce in ka gwada da jikinta, damisa kuwa ta fi siranta kuma wutsiyarta doguwa. Koma kan hotonka ka zuƙo gefen ciki. In ɗigon suna cikin zobba, magana ta ƙare, tushen hoto ya ce jaguwa, jiki ya ce jaguwa, taswira ta ce ba a nahiyarmu take ba.

Wasu lokutan hoton na gida ne da gaske amma sunan ne ya kauce. Dabba mai ɗigo, ƙarama, doguwar ƙafa, manyan kunnuwa a tsaye, gajeren wutsiya, ɗigonta cikakku ba zobba ba, ka duba Leptailurus serval. A shafin kowane jinsi akwai Similar Species, yana nuna dabbobin da masu tantancewa suka fi rikitawa da ita, ni nan nake fara zuwa idan na rasa inda zan dosa.

Me Research Grade yake nufi, me kuma ba ya nufi

Bayani yana samun wannan matsayin idan yana da hoto ko sauti, da rana, da wuri, dabbar ta daji ce, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka sa suna sun yarda da jinsi ɗaya, aƙalla mutum biyu. Ka lura, mutum biyu. Mai hoton ya sa suna, abokinsa ya danna Agree don kara, shikenan ya samu koren tambarin Research Grade. Don haka kar launin ya ishe ka, gangara ƙasa ka ga su wa suka tantance. Danna sunan mutum ka ga abin da ya saba tantancewa, wanda ya yi dubban macizan Afirka ta Yamma ba ɗaya yake da wanda jiya ya buɗe asusu ba. Ka karanta hirar da ke ƙasa, wani lokaci wani zai rubuta dalilin da ya sa ya ƙi yarda, kuma darasin da ke cikin wannan layi biyun ya fi hoton kansa amfani. Needs ID na nufin ana jiran ƙarin ido, Casual kuma wani abu ya rasa ko dabbar a tsare take.

Abu na biyu da ya kamata ka riƙe: babu ɗigo a taswira ba ya nufin babu dabbar. Ɗigo yana bin masu waya da data da sha'awa. Kruger a Afirka ta Kudu da Masai Mara a Kenya cike suke da bayanan damisa saboda 'yan yawon buɗe ido, Najeriya kuwa 'yan kaɗan ne ko da yake an san akwai damisa a Gashaka Gumti, kamarorin da ake ɗaurewa a daji sun kama ta a can. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar gaba ɗaya bayanansu sirara ne, zaka iya duba ƙaramar hukuma guda ka tarar babu ko ɗaya na dabbar da kowa a ƙauyen ya sani. Toh ka auna girman giɓin. Dabba da aka gani kilomita ɗari biyu daga garinku a daji irin naku, tana iya yiwuwa. Dabba da mafi kusa sai an tsallake tekun Atilantika, ba ta yiwuwa sai a keji. Kuma ga dabbobin da ke cikin haɗari irin damisa, iNaturalist da gangan yake ɓoye ainihin wurin, yana jefa ɗigon a cikin akwati mai faɗin kusan kilomita 22 don kar mafarauta su bi sawu, don haka kar ka ɗauki ɗigon a matsayin gindin bishiyar da take kwana.

Idan iNaturalist ya yi shiru sai ka leƙa gbif.org, ka rubuta sunan kimiyyar, ka shiga Occurrences ka tace da ƙasa. GBIF yana haɗa bayanan masu sa kai da na gidajen adana kayan tarihi da jami'o'i, har dabbobin da aka tattara tun zamanin Turawa. Duba Basis of record, Preserved specimen na nufin akwai dabbar a kwalba ko a aljihun wani gidan adanawa, Human observation kuma gani aka yi. Yi hankali da abu biyu a nan. Bayanan Research Grade da yawa suna kwararowa GBIF, kenan in ka ga abu a can ka gan shi a nan ba shaida biyu ba ce. Sannan tsofaffin bayanai da aka rubuta musu sunan ƙasa kawai, wani lokaci ana dasa ɗigonsu a tsakiyar taswirar ƙasar, sai ka ga tarin ɗigo a wuri ɗaya ba gaira ba dalili. In tsuntsu ne kuwa eBird ya fi yawan bayani, kuma a Najeriya akwai aikin taswirar tsuntsaye da cibiyar APLORI ta Jos ke jagoranta, wanda masu sa kai suka zaga wurare da dama na Arewa saboda shi.

Idan hoton sabo ne: kububuwa ko mai shan ƙwai

Yanzu ga inda binciken hoto ke gazawa. Ƙaninka ya ɗauki maciji a bayan rumbu da magariba, ɗan gajere, ruwan ƙasa da tabo-tabo, ya naɗe yana goga jikinsa yana ƙara kamar ana zuba ruwa a mai mai zafi, kowa ya ce kububuwa. Ka sa a TinEye babu komai, Exact matches babu komai. Wannan ma bayani ne, yana ƙara yiwuwar hoton sabo ne, ko da yake injunan nan ba sa ganin abin da ke yawo cikin WhatsApp. Lens zai canko maka suna daga kama, kuma yakan karkata ga macizan da hotunansu suka fi yawa a intanet, irin na Indiya ko Amurka. Ɗauki wannan sunan a matsayin inda zaka fara dubawa kawai.

Kububuwa tana cikin dangin Echis. Rubuta Echis kaɗai a Species, kar ka ƙara komai, saboda masana sun raba su: an daɗe ana kiran tamu Echis ocellatus, sai a 2018 Jean-François Trape ya ware na wajen Cadi da arewacin Kamaru da wani ɓangare na Najeriya ya kira su Echis romani, can sama wajen Sahel kuma akwai Echis leucogaster mai farin ciki. In ka nemi suna ɗaya zaka rasa sauran. Kana iya zana da'ira a taswira, ko ka rubuta adireshin kai tsaye, misali kilomita 200 kewaye da Kaltungo a jihar Gombe, yankin da ya yi suna da wannan macijin:

```
inaturalist.org/observations?taxon_name=Echis&lat=9.8&lng=11.3&radius=200
```

Canza lat da lng zuwa na garinku, Google Maps zai baka su in ka danna wuri ka riƙe. Sai ka sake binciken da Dasypeltis, macijin da ƙwan tsuntsaye kawai yake ci, kusan ba shi da haƙori kuma ba shi da dafi, amma yana kwaikwayon kububuwa har da goga jikin nan da ƙarar. Taswira zata nuna maka duka biyun suna yankin, kenan a nan ba zata raba gardama ba, sai kai.

Kuma kai nake nufi na macijin. Zuƙo shi. Kan kububuwa yana da faɗi ta baya, wuya ya tsuke a fili, kuma saman kan an rufe shi da ƙananan ɓawo masu kaushi irin na jikin. Kan mai shan ƙwai ɗan ƙarami ne, da kyar ya fi wuya faɗi, hancin a dunƙule, saman kan kuma manyan faranti ne 'yan kaɗan masu santsi, sau da yawa da zane mai tsini a ƙeya. Kububuwa gajera ce mai ɗan kauri, yawanci ba ta wuce rabin mita da kaɗan, wutsiyarta gajera, tana da fararen ɗigo jere a gefe. Mai shan ƙwai siriri ne, wutsiya ta fi tsawo. Kar ka dogara da ƙwayar ido, dukansu a tsaye take kamar ta kyanwa. In hoton bai nuna saman kai ba ko ya yi dishi-dishi, amsar gaskiya ita ce ba a iya tantancewa, kuma a aikace ka ɗauke shi mai dafi ne. Kar wani ya koma ya matsa kusa don samo hoto mai kyau, a zuƙo daga nesa ko a haƙura.

Tunda hoton na ƙaninka ne, shi zai ɗora a iNaturalist da asusunsa, da ranar gaskiya da wurin gaskiya. Dokar wurin ita ce abin da ka gani da kanka kake ɗorawa, hoton da aka turo maka ba'a sa shi, yana ɓata taswirar da kowa ke dogara da ita. In ba ya so a ga gidanku ya zaɓi Obscured a Geoprivacy. Wurin suna kuma kar ya danna abin da manhajar ta fara kawowa, ya sa Serpentes, wato macizai gaba ɗaya, masu bin macizan Afirka zasu gan shi su sauko da shi zuwa dangi ko jinsi. Wani lokaci cikin awanni ake amsawa, wani lokaci sai an yi makonni.

Duk wannan idan ba wanda aka sara ne. In an sari mutum, a ajiye waya a nufi asibiti nan take, dafin kububuwa yana hana jini daskarewa kuma mutum na iya zama kamar lafiyarsa lau na wasu awanni kafin jini ya fara fita ta dasashi ko fitsari. Ma'aikatan asibiti suna da gwajin da suke yi, su zuba jini a busasshiyar kwalbar gilashi su jira minti 20 su ga ko ya daskare, da wannan da alamomin jiki suke yanke shawarar allurar kashe dafi. Hoton ka nuna musu in akwai, amma kar a jira wani ya amsa a intanet.

In ka gama bincike ka koma guruf ɗin, ka rubuta abin da ka samu dalla-dalla yadda wani zai iya bi ya duba: ga adireshin inda hoton ya fara fitowa da shekarar, ga sunan da aka sa masa a can, ga alamar jiki da ta tabbatar, ga taswirar inda ake samunta. Inda ka tsaya a dangi ka ce dangi ka sani, kar ka ƙara jinsi daga kanka. Kuma ka fara tura wa wanda ya kawo hoton shi kaɗai, musamman in babba ne, ka ce Baba ko Yaya ga abin da na gani ku duba, sau da yawa shi da kansa zai goge ya sanar da jama'a.